Ma'anar "sauyin jinsi a zamantakewa": abin da ke faruwa kafin a zo maganar likita

Da an ce wane ya sauya jinsi, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne asibiti, allura da tiyata. Amma akwai wani mataki da yakan riga wannan da shekaru, wasu ma a kansa suke tsayawa har abada. Masana suna kiransa sauyin jinsi a zamantakewa. Ma'anarsa ita ce mutumin da yake jin jinsinsa bai dace da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa ba ya fara rayuwa a cikin mutane da jinsin da yake ji a ransa, ba tare da ya sha magani ko an taɓa jikinsa ba. Abin da ke canzawa shi ne suna, yadda ake kiransa, sutura, gashi, murya, da kuma su wane ne suka sani.

Ba sabon abu ba ne a fagen likitanci. Ƙa'idojin farko da ƙungiyar ƙwararru ta duniya a wannan fanni ta fitar a 1979, wadda yau ake kira WPATH, sun sa shi a matsayin sharaɗi: sai mutum ya yi wani lokaci yana rayuwa da sabon jinsin kafin a yarda a yi masa tiyata. Wato jarrabawa ce da likita ke ɗorawa. A hankali aka bar kallonsa haka. Yanzu ana ɗaukarsa mataki mai zaman kansa, wanda mutum ke yi don kansa ko da bai taɓa tunanin asibiti ba.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce mai shekara 23 ne, an haife shi an rene shi a matsayin mace, amma shi namiji yake jin kansa. Abin da yakan fara yi ba ya fitowa fili: ya zaɓi suna, ya riƙa rubuta shi a takarda, ya furta shi a ɗaki shi kaɗai ya ji ko ya zauna masa a baki. Daga nan sai ya gaya wa mutum ɗaya, aboki ko ɗan'uwan da ya tabbata ba zai kai maganar gaba ba, ya ce masa: idan muna mu biyu, da wannan sunan za ka kira ni. Wata biyu, wata shida, abin yana nan tsakaninsu.

Nan ne harshe ke shigowa, kuma harsuna ba nauyinsu ɗaya ba. A Turanci, jinsi yana fitowa ne idan ana maganar mutum a bayan idonsa, amma idan ana fuska da fuska kalma ɗaya ce ga mace da namiji. Hausa ba ta ba da wannan sarari. "Ka zo?" ko "Kin zo?", "kai" ko "ke", "naka" ko "naki": ba a iya gaisuwa ta minti ɗaya ba tare da an zaɓi ɗaya ba. Don haka abokin nan ba suna kaɗai zai sauya ba, kusan kowace jimla zai sake wa gini, kuma bakinsa zai riƙa suɓucewa. Masu wannan hali sukan ce suna gane bambancin wanda ya yi tuntuɓen harshe ya gyara ya wuce, da wanda yake nanata tsohon kiran da gangan. Na farko ba ya damunsu sosai. Abin da ke gajiyar da su shi ne dogon ban haƙuri bayan kowane kuskure, domin yana mai da hirar gaba ɗaya ta koma kansu.

An yi bincike a kan sunan shi kansa. A 2018, Stephen Russell da abokan aikinsa sun wallafa nazarin matasa 129 a Amurka, 'yan shekara 15 zuwa 21. Sun duba wurare huɗu: gida, makaranta, wurin aiki da cikin abokai. Suka tarar duk wanda ake kiransa da sunan da ya zaɓa a wurare da yawa, alamun ciwon damuwa da tunanin kashe kai sun fi ƙaranci a tare da shi. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma irin wannan nazari yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Mai yiwuwa gidan da ya yarda da sunan dama can gida ne mai tausayi.

Sai kamanni. Mutumin misalinmu ya rage gashi, ya koma sa tufafi masu faɗi. Waɗannan ba su da haɗari ga jiki. Wanda ke da haɗari shi ne matse ƙirji don ya kwanta, kuma a nan ne kalmar "ba magani ba tiyata" take yaudarar mutane su ɗauka babu illa. Akwai riga ta musamman da ake ɗinkawa don wannan. Shawarar da asibitocin da ke kula da irin waɗannan mutane suka saba bayarwa ita ce kada a wuce awa takwas da ita a rana, kada a kwana da ita, kada a yi motsa jiki mai tsanani a cikinta, kuma a riƙa ba jiki hutu na wasu ranaku. Bandeji mai talewa da salatif mai ƙarfi su ne mafi muni, domin bandejin yana ƙara ɗamewa duk lokacin da aka yi numfashi, yana iya hana huhu buɗewa har ya ji wa haƙarƙari ciwo. A wani nazari da aka wallafa a 2017 a kan mutum 1,800 masu matse ƙirji, sama da kashi 97 cikin ɗari sun ce sun gamu da aƙalla matsala ɗaya, irin su ciwon baya, ciwon ƙirji, zafin jiki, ƙaiƙayi da ƙarancin numfashi. Gane cewa abin ya yi yawa ba wuya: idan mutum ba zai iya jan dogon numfashi ya cika ƙirjinsa ba, ko hannunsa ya fara sagewa, ko tari ya ƙi tafiya, rigar ta yi kaɗan ko ta daɗe a jiki.

Murya kuwa ta fi zama aiki ga wadda ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wato wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace. Dalili shi ne balaga ta riga ta ƙara wa tantanin murya kauri da tsawo, kuma ko daga baya ta sha maganin sinadarin mata ba zai mayar da shi ba. Saboda haka horo ne abin yi tun farko. Muryar namiji baligi tana karkarwa wajen sau 120 a daƙiƙa, ta mace wajen sau 200 ko fiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka siranta murya kawai ake nema, sai a tsuke maƙogwaro a yi ta magana da ƙarfin tsiya, a ƙare da dishewa. Masu koyar da magana sun fi mai da hankali ga inda sautin yake amsawa, a janye shi daga ƙirji zuwa gaban baki, da yadda jimla ke hawa da sauka. Wata da watanni ake yi, kuma raɗaɗin maƙogwaro bayan atisaye alama ce ta cewa hanyar ba daidai ba ce.

Mu koma ga mutuminmu. Bayan shekara guda, abokai biyar sun sani, gida ba su sani ba, wurin aiki ma haka. Yana rayuwa da suna biyu. Wannan matsayi na rabi da rabi shi ne ya fi wahala, kuma nan abubuwa suka fi lalacewa: aboki ya rubuta sabon sunan a ƙarƙashin hoto a intanet, ko ya kira shi da shi a gaban ƙanwarsa. Shi ya sa masu ba da shawara suke cewa a gaya wa kowa abu biyu, sunan da kuma gaban wa aka yarda ya faɗe shi. Sukan kuma tambayi mutum tun kafin ya gaya wa iyaye: idan abin ya ɓaci, ina za ka kwana, da me za ka ci abinci? Amsar tana bambanta ƙwarai da inda mutum yake, domin akwai ƙasashen da doka ke kare shi daga kora a wurin aiki, akwai kuma waɗanda sa tufafin ɗaya jinsin kawai zai iya kai shi kotu.

Takardu sukan zo daga ƙarshe, wasu ma suna ware su a matsayin mataki na daban. Ajantina tun 2012 ta ba baligi damar canza suna da jinsi a katin shaida da furucinsa kawai, ba takardar likita. Birtaniya, a dokarta ta 2004, tana neman shaidar likita da hujjar cewa mutum ya yi shekara biyu yana rayuwa da sabon jinsin. A can ke nan sauyin zamantakewa shi ne hujjar da ake gabatarwa, kuma takardun albashi da wasiƙun banki masu sabon sunan su ne shaidu.

Ana yawan cewa duk waɗannan matakai ana iya janye su. Ta fuskar jiki gaskiya ne: gashi zai tsiro, tsohon suna yana nan. Amma magana zarar bunu ce. Wanda ya ji ya ji, kuma komawa baya yana nufin sake bi ta kan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya da sabon bayani. Ga baligi wannan lissafinsa ne. Ga yara ƙanana ne masana suka rabu. A 2022 Kristina Olson da abokan aikinta sun bi yara 317 da suka yi wannan sauyi tun suna ƙanana. Bayan kimanin shekara biyar, kashi 94 cikin ɗari suna nan a kan sabon jinsin, kashi 2.5 sun koma na haihuwa, sauran kuma suka ce ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Wasu sun karanta wannan a matsayin shaidar cewa yaran sun san kansu. Wasu suka ce wataƙila sauyin da wuri shi ne ya sa hanyar komawa ta yi wuya. Rahoton Dakta Hilary Cass na Ingila, wanda ya fito a Afrilun 2024, ya karkata ga taka-tsantsan: ya ce ga yaron da bai balaga ba sauyin zamantakewa mataki ne mai tasiri, hujjar amfaninsa ko illarsa ba ta da ƙarfi, kuma iyaye su nemi ƙwararre da wuri, su bar ƙofa a buɗe. Ƙa'idojin WPATH na 2022 kuwa sun fi karkata ga a saurari yaron idan ya daɗe yana nacewa a kan abu guda, tare da nuna masa cewa yana iya canza ra'ayi. Ɓangarorin biyu alƙaluma ɗaya suke kallo, kuma har yau ba su daidaita a kan abin da suke nufi ba.