Ma'anar “matsayin kaya” a bakin masu jigilar kaya

Idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya kira kamfanin da ya ɗauko masa kaya daga Legas ya ce “ina kayana?”, amsar da ake ba shi ita ce ake kira matsayin kaya. Gajeren bayani ne da ke nuna matakin da kayan suka kai: an loda, suna hanya, sun makara, sun iso, ko an miƙa su. A manhajojin kamfanoni za ka ga an rubuta In transit, Delayed, Arrived ko Delivered. Direba ba ya magana da waɗannan kalmomi. Shi muryarsa yake turowa ta WhatsApp, sai ma'aikacin ofis mai bin sawun motoci ya tace ta, ya fitar da abin da mai kaya zai iya aiki da shi.

Mu ɗauki misali. Direban tirela ya turo murya: “Yallaɓai, mun baro Zariya tun ɗazu, taya ta yi mana faci wajen Kwanar Dangora amma yara sun canja. In sha Allahu bayan la'asar muna gari.”

Wanda bai saba ba zai rubuta “mota na hanya, za ta iso bayan la'asar”, ya wuce. Wanda ya san aikin zai fara duba lokaci. Wataƙila direban ya yi maganar da ƙarfe 1:10, amma saƙon bai shigo ba sai 2:30 saboda babu sabis inda ya tsaya. To “tun ɗazu” ɗin daga yaushe za a ƙirga? Lokacin da abin ya faru ake rubutawa, ba lokacin da waya ta yi ƙara ba, kuma idan babu tabbas sai a tambaya: “Malam, ƙarfe nawa kuka tashi daga Kwanar Dangora?”

Sai kalmar “gari”. Ga direba, da ya hango Na'ibawa ya shigo gari. Ga mai kaya kuwa, kaya ba su iso ba sai sun tsaya a ƙofar sitonsa, kuma tsakanin Na'ibawa da Kwari da yamma akwai cunkoson da zai iya cinye sa'a guda ko fiye. Ga neman 'yan dako, ga magariba na ƙaratowa. Don haka “bayan la'asar muna gari” tana iya nufin ba za a sauke ba sai gobe da safe, kuma gara mai kaya ya ji haka tun yanzu, kafin ya tara 'yan dako su yi zaman jira.

Abin da za a tura masa zai zama kamar haka: “Webil mai lamba 0417, dila 40 na atamfa. Kaya na hanya, an samu jinkiri saboda taya, an gyara. Mota ta bar Kwanar Dangora da ƙarfe 1:10 na rana. Ana sa ran shigowa Kano wajen 4:00, sauke kaya gobe da safe. Za mu sake sanar da kai idan ta iso.” Ka lura an fara da lambar webil, wato takardar da ke ɗauke da bayanin kayan da aka loda, ba lambar mota ba. Tirela ɗaya tana iya ɗauko kayan mutum biyar, na Kwari daban, na Singa daban, na Sabon Gari daban, kowanne da matsayinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a mataki na ƙarshe. Direba ya ce “mun sauke”, ofis ya danna Delivered, alhali saukewa daban, karɓa daban. Ba a rufe webil sai mai kaya ko wakilinsa ya ƙirga, ya sa hannu, an turo hoton takardar. Idan webil ta ce dila 40 aka ƙirga 38, ko aka samu biyu ruwa ya taɓa su, sai a rubuta an miƙa da giɓi, a faɗi adadin, a bar maganar a buɗe. Da zarar an rufe ta a matsayin cikakkiya, rikicin dila biyun nan ya koma na baki da baki, kuma galibi a kan direba yake ƙarewa.

Shirun direba ma yana da yadda ake rubuta shi. Idan an ji daga gare shi a Kaduna da ƙarfe 9:00 na safe, har azahar wayarsa ba ta shiga, kuskure ne a bar “kaya na hanya” kamar sabon labari. A rubuta cewa labari na ƙarshe daga Kaduna ne da 9:00, ana ci gaba da neman direba, sannan a gwada lambar yaron mota.