Wasiƙar miƙa bidiyon biki

Wasiƙar miƙa bidiyon biki takarda ce da mai ɗaukar bidiyo ke haɗawa da aikin da ya kammala sa'ad da zai damƙa shi ga waɗanda suka ba shi aikin. A cikinta yake bayyana abin da ya miƙa, da yadda za a buɗe shi, da hanyar da masu biki za su bi idan suna son a gyara wani abu. Tana iya zuwa a buge a takarda tare da filash, ko a matsayin saƙon waya, ko fayil ɗin PDF. Wannan maƙala ta dubi wasiƙar kamar yadda take aiki a tsakanin Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, inda tsarin bikin kansa ya sa batun gyara ya fi nauyi fiye da a wurare da yawa.

Dalilin nauyinta a Saudiyya

A mafi yawan bukukuwan aure a Saudiyya, zauren mata daban ne da na maza, kuma mata ne ke ɗaukar hoto a ɓangaren mata, domin baƙi sukan tuɓe abaya da lulluɓi da zarar sun shiga ciki. Saboda haka bidiyon da aka ɗauka a can amana ce, kuma gyaran da aka fi jin tsoron a manta da shi shi ne cire wata baƙuwa da ta gilma a bayan amarya ba tare da ta san ana ɗauka ba. Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet da Saudiyya ta fitar a shekarar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar kyamarar waya da makamantanta. Wasiƙar da ta yi shiru a kan wannan batu ta bar mai ɗauka da masu biki duka a fili.

Abin da ake fara bayyanawa

Bayan sallama da taya murna, waɗanda kan zo a taƙaice, wasiƙar tana faɗin abin da aka miƙa da sunansa da tsawonsa: cikakken bidiyo na minti kaza, da ɗan gajere na 'yan mintoci wanda ake iya tura wa dangi, da kuma ko an raba ranar ɗaurin aure da daren lalle da daren kai amarya, ko an haɗa su wuri guda. Ana ambaton nau'in fayil ɗin, wanda galibi MP4 ne, da girmansa, domin girman ne ke nuna ta inda zai iya bi. Bidiyo na minti 90 da aka fitar a kan megabit 20 a kowace daƙiƙa yakan kai kusan gigabait 13 da rabi. Irin wannan ba zai shiga filash mai tsarin FAT32 ba, domin tsarin ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, sai an mai da filash ɗin exFAT. Ba zai bi ta WhatsApp ba kuma, domin ko a matsayin takarda aka tura, iyakarsa gigabait 2 ne, idan kuwa aka tura shi a matsayin bidiyo, manhajar tana matse shi har hoton ya rage kyau. Sau da yawa ƙorafin cewa hoto ya yi dishi-dishi daga nan yake fitowa, kuma jimla ɗaya a wasiƙar da ke cewa a fara kallo daga filash a babban allo tana kashe wannan ƙorafi tun kafin ya taso.

Ƙa'idojin gyara

Nan ne zuciyar wasiƙar, kuma nan ne ake gane wanda ya daɗe a sana'ar. Abu na farko da take tsaidawa shi ne mutum ɗaya da za a riƙa karɓar gyara daga bakinsa. Bidiyon biki na gida ne gaba ɗaya, uwar amarya tana da abin da take so, gwaggo tana da nata, dangin ango ma suna da nasu, kuma ba wuya ɗaya ta ce a cire wani wuri wata ta ce wurin ne ya fi mata daɗi. Mai tacewa ba shi da hurumin raba wannan gardama. Don haka wasiƙar takan roƙi iyali su zauna su kalla tare, su daidaita a junansu, sannan mutum ɗaya ya aiko da jerin gyaran a rubuce kuma a lokaci guda. Saƙon murya yana da daɗin aikawa, amma yana da wuyar komawa a bincika, musamman idan ya zo guntu-guntu cikin kwanaki.

Na biyu shi ne yadda za a nuna wurin. Cewa "wajen da aka shigo da amarya" bai isa ba, domin shigowar tana iya ɗaukar minti goma daga kyamara biyu. Ana neman a rubuta lokacin da ke bayyana a ƙasan allo, awa da minti da daƙiƙa, daga inda abin ya fara zuwa inda ya ƙare, sannan a faɗi abin da ake so a yi masa. Tare da lokacin dole a ambaci kwafin da aka kalla, shi ya sa ake sa wa kowane kwafi lamba a sunansa:

```
biki_cikakke_v1.mp4
biki_cikakke_v2.mp4
```

Dalilin kuwa shi ne duk abin da aka yanke yana jawo abin da ke bayansa baya. Wanda ya kalli kwafin farko ya aiko da lokaci bayan an fitar da na biyu, zai sa mai tacewa ya taɓa wurin da ba shi ake nufi ba.

Na uku shi ne bambanci tsakanin kuskure da canjin ra'ayi. Sunan da aka rubuta ba daidai ba, kwanan watan da aka saɓa, sautin da ya riga hoto, fuskar da aka ce tun farko kada ta fito: waɗannan laifin mai aiki ne, kuma gyaransu kyauta ne ko sau nawa ne. Canza waƙa, sauya tsarin yadda abubuwa suka biyo juna, ko tsawaita wani ɓangare, ra'ayi ne, kuma wasiƙar tana faɗin karo nawa aka yarda a yi shi a cikin kuɗin da aka riga aka biya, da abin da za a biya idan aka wuce. Yawan karon da wa'adin aiko da gyara abubuwa ne da kowane mai sana'a ke tsaida wa kansa, amma wajibi ne su dace da abin da aka yi magana a kai ranar da aka ba da kafin alƙalami. Sharaɗin da aka fara jin sa a ranar miƙa aiki yakan zama tushen rigima. Wa'adin kuma ya fi kyau a rubuta shi da cikakken kwanan wata, a kuma fayyace ko na hijira ne ko na miladiyya, tun da ana amfani da duka biyun a ƙasar.

Misalin da aka bi daki-daki

A ƙaddara wata mai ɗaukar bidiyo a Jidda ta miƙa cikakken bidiyo na minti 90, ta kuma rubuta wa uwar amarya cewa: "Hajiya, ina roƙonku da ku kalla tare da amarya kafin a tura wa kowa. Duk wadda kuka ga bai kamata ta fito ba, a rubuto mini lokacin, zan cire ta ba tare da an ƙara ko sisi ba." Bayan kwana biyar sai ƙanwar amarya, wadda aka wakilta, ta aiko da buƙatu huɗu.

Ta farko ita ce a cire wata baƙuwa da ta bayyana daga 00:14:32 zuwa 00:14:50. Hanya uku ce a gaban mai tacewa. Tana iya yanke daƙiƙa 18 ɗin gaba ɗaya, amma idan akwai waƙa a ƙarƙashi za a ji ta yi tsalle, kuma abin da yake a 00:47:10 zai koma 00:46:52. Tana iya dusashe fuskar, sai dai dusashewa ba ta rufe gashi da sutura idan ba a faɗaɗa ta ba, kuma dole ta bi matar duk inda ta motsa, hoto bayan hoto. Hanya ta uku, wadda ta fi tsabta idan an yi ɗauka da kyamara biyu, ita ce a bar sautin yadda yake a ɗora hoton ɗaya kyamarar a kan wurin, ta yadda tsawon bidiyon bai canza ba kuma matar ta fita ɗungurum. Wasiƙa mai kyau tana faɗin wadda ake fara bi a cikin ukun, don kada iyali su zaci an cire mutum alhali an dusashe shi ne kawai.

Buƙata ta biyu gyaran sunan mahaifin amarya ce a rubutun farko. Kuskure ne, kuma yana yawan faruwa inda suna ɗaya ke da rubutun Larabci da na boko, don haka ake neman a aiko da sunan a rubuce kamar yadda iyali ke son a gan shi. Ta uku ita ce a sauya waƙar shigowar amarya da wadda ba ta da kiɗa, domin dattawan gidan su iya kallo. A ido wannan ƙaramin abu ne, a wajen tacewa kuwa babba ne, saboda an yanka hotunan ne a kan bugun waƙar farko, kuma sabuwar tana bukatar a sake jera su. Wannan yana cinye karo ɗaya daga cikin waɗanda aka yarda. Ta huɗu ita ce a ƙara gwaggon amarya, wadda ba ta fito ko'ina ba. Amsar tana ga ɗanyen ɗaukan da ba a tace ba: idan kyamara ta kama ta za a sa ta, idan ba ta kama ta ba babu abin da tacewa za ta iya yi, kuma ya kamata wasiƙar ta riga ta faɗi wannan iyaka a fili.

Bayan an gama gyara

Cire fuska daga kwafi na biyu bai goge ta daga kwafin farko ba. Idan an riga an tura na farkon ga 'yan uwa a Kano ko Zinder, gyaran ya zo a makare. Saboda haka masu lura sukan miƙa kwafin dubawa ga mutum ɗaya kawai, wani lokaci da rubutu a kan hoton da ke nuna ba na rabawa ba ne, su kuma nemi a goge shi da zarar na ƙarshe ya iso. Wasiƙar tana kuma faɗin wanda ke ganin hotunan ɓangaren mata a wajen tacewa, domin iyalai da yawa suna sharɗanta cewa mace ce za ta tace kamar yadda mace ce ta ɗauka, da kuma cewa ba za a sa ko guntun bidiyon a talla ba sai da izini a rubuce.

Abu na ƙarshe da take tsaidawa shi ne tsawon lokacin da za a ajiye ɗanyen ɗaukan da ranar da za a goge shi. Bayan wannan rana ba sauran ƙara wani ko musanya hoto da na wata kyamara, sai dai yankewa ko dusashewa a kan kwafin da ke hannu. Ana shawartar iyali su ajiye kwafin ƙarshe a wuri biyu mabambanta, sannan wakilinsu ya aiko da amincewa a rubuce mai ɗauke da sunan fayil ɗin da aka karɓa da kwanan watan karɓarsa.