Me ake nufi da diron mai kauce wa cikas da kyamarar auna nisa, kuma me ya sa yake karo a waje?

Duk wanda ya leƙa kasuwar diron kwanan nan zai ga ana ta rubuta cewa wannan jirgi yana kauce wa cikas da kansa, kuma mutane da yawa suna ɗauka ma'anarsa ita ce jirgin ba zai taɓa karo da komai ba. To ba haka ba ne fa. Abin da ake nufi shi ne jirgin yana auna nisan abubuwan da ke gabansa, idan ya ga wani abu ya matso fiye da iyakar da aka sa masa sai ya taka birki ko ya zagaye. Shi kenan. Masu haɗa diron da hannunsu, ɗalibai da ƙananan kamfanoni, yawanci da kyamarar auna nisa suke wannan aikin, irin su RealSense D435 da Intel ya fitar, saboda ba ta da nauyi kuma kuɗinta bai kai na babbar na'urar lesa ba. Da ita zan yi misali.

Hoton nisa da wannan kyamara take bayarwa ba na launi ba ne. Kowane ɗigo a cikin hoton, wato fiksel, lamba ce da ke cewa abin da ke nan wurin yana nisan milimita kaza. Yadda take samun lambar kuwa, idanu biyu gare ta, tsakaninsu santimita 5. Miƙa yatsanka gabanka ka rufe idon dama, sannan ka buɗe ka rufe na hagu, za ka ga yatsan ya yi tsalle gefe amma bishiyar da ke can nesa da ƙyar ta motsa. Wannan tsallen shi kyamarar take ƙirgawa. Tana neman abu ɗaya a hoton hagu da na dama, ta ga fiksel nawa ya gusa, sai ta yi lissafi:

```
Z = f * B / d
```

Z shi ne nisan, B tazarar idanun biyu, d yawan gusawar, shi kuma f lamba ce ta gilashin kyamarar, a hoto mai faɗin fiksel 1280 wajen 640 ne. Idan ka ninka 640 da mita 0.05 za ka samu 32. Ke nan abin da ke mita 2 zai gusa da fiksel 16, wanda ke mita 4 fiksel 8, amma wanda ke mita 10 fiksel 3 ne da ɗan ɗoriya kawai. Nan matsalar ta fara. A ce kyamarar ta yi kuskuren rubu'in fiksel, wanda ba wani abu ba ne, a mita 2 kuskuren nisan wajen santimita 3 ne kawai, amma a mita 10 ya kusa santimita 80. Duk lokacin da nisa ya ninka biyu kuskure ninkawa huɗu yake. Shi ya sa su kansu masu ƙera ta suka ce inda ta fi aiki daidai daga santimita 30 ne zuwa mita 3. 'Yar uwarta D455 an buɗa tazarar idanun zuwa santimita 9.5, ita tana kaiwa mita 6.

Daga nan hoton yana zuwa wata 'yar kwamfuta da aka ɗaura a jikin jirgin, kamar Raspberry Pi ko Jetson. Ba a tura wa kwakwalwar jirgin hoton gaba ɗaya, ya yi mata yawa. Abin da aka fi yi a PX4 da ArduPilot, manhajojin da ke tuƙa diron, shi ne a yanki layin tsakiyar hoton a raba shi gida-gida, a kowane gida a ɗauki nisan abu mafi kusa, a aika da shi ta MAVLink, harshen da kwamfutar da kwakwalwar jirgin ke magana da shi, cikin saƙo mai suna `OBSTACLE_DISTANCE`, wanda ke da gurbi 72. Idan aka raba kewayen jirgin da su kowanne ya tashi da digiri 5. Kyamarar nan faɗin ganinta digiri 87 ne, ka ga gurbi 17 kacal za ta cike, sauran duk duhu ne, baya da gefe jirgin bai san me ake ciki ba. Sai ka sa tazarar da kake so ya bari tsakaninsa da cikas, a PX4 sunanta `CP_DIST`, a ArduPilot `AVOID_MARGIN`.

A cikin ɗaki ko babban sito abin yana burgewa sosai, jirgin zai zo gaban bango ya tsaya cak. Fita da shi fili ne ke tona asiri, kuma abu na farko ba rana ba ce ma kamar yadda aka fi faɗa, gudu ne.

Bari mu yi lissafin. A ce jirgin yana tafiyar mita 5 a daƙiƙa, wato kilomita 18 a awa, gudun keke ke nan, a fili ko kaɗan ba za ka ga kamar yana sauri ba. Daga lokacin da kyamara ta ɗauki hoto zuwa kwamfuta ta tace shi, ta aika saƙo, farfelu su amsa, mu ƙaddara an ci kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin ya riga ya ci mita 1.5 bai ma fara birki ba. Shi kuma diron ba taya gare shi ba, birkinsa shi ne ya ɗaga hanci ya tura iska gaba, mu ce yana rage mita 3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Nisan tsayawa shi ne:

```
s = v*t + v^2 / (2*a)
```

s shi ne nisan tsayawar, v gudun, t jinkirin kafin birki, a kuma ƙarfin birkin. Sai ya zama 1.5 a haɗa da 4.2, mita 5.7 kenan. Ƙara tazarar mita 2 da kake so ya bari, dole ya hango bishiyar tun tana kusan mita 8. Kyamarar da ƙarfinta yake a mita 3! Idan ka ninka gudun zuwa mita 10 a daƙiƙa, tsayawar kaɗai ta kusa mita 20, a can kuwa gusawar ba ta kai fiksel 2 ba, babu wani awo da za ka yarda da shi. Amma ka sauko da gudun zuwa mita 2 a daƙiƙa, tsayawar ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Don haka ni a wurina duk wanda ya ɗaura irin wannan kyamara bai rage iyakar gudun jirgin ba, bai gama haɗa aikin ba, kuma idan iska tana turo shi ta baya tsayawar sai ta fi haka tsawo.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Diron sai ya sunkuyar da hanci yake gudu gaba, kyamarar kuma a manne take a jikinsa, ganinta sama da ƙasa digiri 58 ne, wato 29 kowane ɓangare. Ya sunkuya da digiri 20, layin tsakiyar hoton ƙasa yake kallo, sai ya ɗauki ƙasar a matsayin bango ya taka birki, da ya ɗaga hanci ya ga sararin sama wayam sai ya sake zabura. Idan ka ga jirginka yana ta wannan ci-gaba ja-baya a fili ba komai a gabansa, to ba a gyara layin da ake yanka daidai da sunkuyawarsa ba ne.

Yanzu maganar rana. Akwai kyamarorin da suka dogara kacokan kan hasken da suke fesawa, kamar Kinect ta farko ta 2010, kyamarar wasan bidiyo ta Microsoft, waɗannan kam rana tana kashe su don haskenta ya fi nasu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita D435 tana da 'yar fitila da ke watsa ɗige-ɗigen hasken infrared wanda ido ba ya gani, a kan farin bango cikin ɗaki waɗannan ɗige-ɗigen ne ke ba ta abin kamawa. A tsakar rana ɗige-ɗigen ɓacewa suke, amma ba ta makancewa, sai ta koma dogaro da zanen jikin abubuwa, ɓawon bishiya, bulo, ciyawa, duk tana ganinsu da kyau. Inda take shiga uku shi ne abin da ba shi da zane. Bango mai sumul da aka shafe da farin fenti, gilashin bene, saman ruwa. Hoton hagu da na dama duk iri ɗaya ne, ba ta san me za ta haɗa da me ba. Haka idan jirgin ya fuskanci rana da hantsi ko bayan la'asar, haske ya cika idon, rabin hoton ya tafi. Abu mai maimaita kansa ma, kamar kwanon rufi ko shingen ƙarfe, yana sa ta haɗa wannan layin da na kusa da shi ta ba da nisan ƙarya. Lokacin hunturu kuwa hazo yana dusashe abin da ke nesa, ƙurar da farfelu ke tayarwa wajen tashi ta kwanta a kan gilashin, ido ɗaya ya yi datti aikin biyun ya lalace.

Duk inda ta kasa aunawa sifili take rubutawa. Wannan sifilin fa shi ne ya fi ba ni tsoro, don ma'anarsa "ban sani ba", amma mai rubuta manhaja cikin gaggawa sai ya jefar da sifilan ya bar gurbin kamar hanya a buɗe take. Sararin sama sifili, farin bangon da ke mita 3 shi ma sifili, a hoton ba su da bambanci. Saƙon `OBSTACLE_DISTANCE` ya raba su, akwai lambar "ba cikas" akwai ta "ba bayani", PX4 ma tana da saitin `CP_GO_NO_DATA` da ke yanke hukunci ko jirgin zai shiga inda ba a da bayani. A bar shi a rufe. Gwaji mai sauƙi kafin a tashi: riƙe kyamarar a hannu, buɗe RealSense Viewer, manhajar da ke nuna hotonta a kwamfuta, zagaya wurin a daidai lokacin da za a yi aikin, ka duba ina ne baƙaƙen ramuka, wato wuraren sifilin, suke fitowa.

Sai babbar abokiyar gaba, wayar wuta. Waya mai kaurin santimita 1 a nisan mita 10 ba ta cika fiksel ɗaya ba, a mita 5 ma da ƙyar ta haura ɗaya, matatar da ake sawa don share tarkacen hoto kuwa irin waɗannan siraran abubuwan take fara sharewa. Ƙari a kan haka wayar a kwance take, su ma idanun kyamarar a jere suke hagu da dama, to ko ta gusa gefe kamanninta ɗaya ne, babu gusawar da za a ƙirga. Turken za ta gani, wayar da ke tsakanin turaku biyu ba za ta gani ba. Busassun rassa da igiyar da ke riƙe da dogon eriya duk haka suke. Masu aiki kusa da layin wuta shi ya sa suke zana layukan a taswira tun kafin tashi su kafa wa jirgin shingen da ba zai tsallaka ba, wasu su ƙara da na'urar rada ko ta lesa, sannan a tsayar da mutum yana kallon jirgin da idonsa, hannunsa a kan rimot.