"Ƙalubale": kalmar da take ɓata rahoton aiki

Kwana biyu ba ka buɗe rediyo a Birnin Kebbi ba ka ji "ƙalubale" ba. Ba taki, ƙalubale. Gada ta karye, ƙalubale. Albashi bai shigo ba, shi ma ƙalubale. Asalin kalmar kuwa ta fagen dambe ce da kokawa: wani ya fito ya ce in ka isa ka zo. Akwai abokin karawa, akwai lokaci. Yanzu ta koma bargon da ake lulluɓa wa duk abin da ba a son a kira da sunansa.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan gajeren imel ɗin da jagoran aiki yake aika wa mai ɗaukar nauyin aikin, mako-mako ko wata-wata. Mai ɗaukar nauyi a nan ba mai ba da kuɗi kaɗai ba ne, shi ne wanda in ya sa hannu abu ya motsa. Abu uku yake nema: ina aka kwana, me ake tsoro, me ake so ya yi. Na tsakiyan nan "ƙalubale" take lalatawa, domin tana cakuɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi: matsala da haɗari.

Matsala ta riga ta faru. Haɗari bai faru ba tukuna, yana iya faruwa, yana iya wucewa. Hausa ma ta yi mana gata, domin lanƙwasa ɗaya ce ta raba haɗari da hadari. Hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu, amma ɗigo bai sauka ba. Mai shanyar shinkafa ba ya jira ya tabbatar, kwashewa yake yi. Wannan ɗan tsakanin, daga haɗuwar hadari zuwa saukar ruwa, shi kaɗai ne lokacin da mai ɗaukar nauyi yake da amfani sosai. In ruwa ya sauka, sai jaje.

Ɗauki ginin ajujuwa 3 a wani ƙauye da ke tsallaken fadama daga Argungu. An shiga Yuli, gini ya kai linta, saura rufi. Hanyar da mota take bi ta cikin fadama ce, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da gulbi yake yi wa irin wannan hanya a Agusta da Satumba. Na sha ganin jagoran aiki ya rubuta: "Aiki na tafiya lafiya, sai dai muna fuskantar ƙalubalen damina." Me Alhaji zai yi da wannan? Ya hana ruwa? Zai amsa da "Allah ya taimaka", kuma ba laifinsa ba ne.

Ga yadda ya kamata, bayan sallama:

"Ranka ya daɗe, ajujuwa 3 duk sun kai linta. A tsari, ranar 8 ga Yuli za mu kai nan, mun kai ranar 15, wato mun makara da mako 1 saboda bulo bai iso da wuri ba. Wannan ya wuce. Abin da nake tsoro shi ne hanyar fadama: galibi tana yankewa a Agusta. In kwano da katako ba su tsallaka kafin ƙarshen Yuli ba, rufi zai jira sai ruwa ya janye, wajen Oktoba, yara kuma su koma makaranta a Satumba ba aji. Na samu ɗakin ajiye kaya wurin mai gari. Ina roƙon ka amince a saki kashi na biyu na kuɗin kafin 22 ga Yuli."

Duba bulon nan. Matsala ce, ta faru, jimla ɗaya ta ishe ta. Hanyar fadama ita ce haɗari, shi ya sa ta ci wuri: an faɗi dalili, an faɗi lokaci, an faɗi asarar da za ta biyo baya, an faɗi abin da jagoran ya riga ya yi da kansa. Ci gaban ma an auna shi da ranar da aka tsara. "Mun yi kashi 70 cikin 100" ba ta gaya wa kowa ko an makara.

Na san dalilin da ya sa muke fakewa a bayan "ƙalubale". Kunya ce, da gudun kada a ce ka cika roƙo, ko ka yi wa aiki mugun baki. To amma kunyar nan ba ta hana tambayar da za a yi maka a Satumba: me ya sa ba ka faɗa ba tun Yuli? Ni dai kafin in aika irin wannan imel, ina neman kalmar a ciki. In na gan ta, sai in tambayi kaina ko abin ya faru ko bai faru ba. In bai faru ba, in sa masa rana, in rubuta sunan wanda zai sa hannu.