Fassarar Doka zuwa Hausa da Daidaita Kalmominta

Fassarar doka ita ce mayar da rubutacciyar doka daga harshen da majalisa ta zartar da ita zuwa wani harshe ba tare da hukuncinta ya ƙaru ko ya ragu ba. A Nijeriya da Turanci ake zartar da dokoki, kuma idan fassara ta saɓa wa asali, da asalin kotu take aiki. Amma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Don haka a kotunan Kaduna kullum ana karanta tuhuma da Hausa, ko da rubutacciyar fassara ko babu.

Babbar ƙa'idar aikin ita ce kowace ma'ana ta samu kalma ɗaya, kowace kalma ta tsaya a kan ma'ana ɗaya, tun daga sashen farko har na ƙarshe. A rubutun zube sauya kalma ado ne. A doka kuwa, da zarar kalma ta sauya, lauya zai ce majalisa wani abu dabam take nufi.

Laifuffukan dukiya a Final Kod, kundin dokokin laifuffuka da gwamnatin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna ta kafa a 1959, ya fara aiki a 1960, sun fi fito da matsalar fili. A bakin mutane duk wanda ya raba ka da kayanka ɓarawo ne. Kundin bai yarda da haka ba. Sashe na 286 ya keɓe sata ga ɗauke abu daga hannun mai riƙe da shi ba da yardarsa ba, da mugun nufi. Sashe na 291 ya yi magana a kan tsorata mutum har ya miƙa da kansa, na 296 a kan fashi, na 311 a kan cin amana, na 320 a kan zamba.

A ɗauka wani ɗan acaɓa a Tudun Wada ya kai babur ɗinsa wurin bakanike a gyara, bakaniken ya sayar da shi. Wannan ba sata ba ce, domin mai babur da hannunsa ya miƙa. Cin amana ne, wanda ɗaurinsa a sashe na 312 na kundin 1959 zai iya kai shekara 7, alhali na sata a sashe na 287 bai wuce 5 ba. Mai fassarar da ya sa "sata" a wuraren biyu ya haɗe laifi biyu masu hujjoji dabam. To amma sashe na 316 ya ce abin da aka samu ta sata ko tsoratarwa ko fashi ko cin amana duk "kayan sata" ne, kuma wanda ya sayi babur ɗin yana sane ya faɗa sashe na 317. Ke nan "sata" tana da ƙunci, "kayan sata" kuwa tana da faɗi. Dabarar ita ce a riƙe "kayan sata" a matsayin dunƙulalliyar kalma mai bayanin kanta, kada a musanya ta da "abin da aka sace" a ko'ina, domin babur ɗin ba a sace shi ba.

Idan ana neman sabuwar kalma, akan ƙuntata ma'anar wadda ake da ita, ko a haɗa biyu kamar "tsarin mulki", ko a aro kamar "beli" da "sammaci". Aron Larabci yana da tarko. Wanda ya sa "sariƙa" don ta fi kama da maganar malamai ya jawo sharuɗɗan fiƙihu irin su nisabi da haddi, waɗanda ba su cikin Final Kod. A jihar da kotunan Shari'a da na majistare suke aiki kafaɗa da kafaɗa, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Aikin kan fara ne daga sashen ma'anonin kalmomi. A nan ake buɗe rijista: kalmar asali, ta Hausa da aka zaɓa, waɗanda aka ƙi da dalilin ƙin su, da lambar kowane sashe da kalmar ta fito. Idan an sauya shawara a tsakiyar aiki, rijistar ce za ta nuna inda za a koma a gyara. Har ƙananan kalmomi suna shiga ciki. "Alƙali zai" ba ta bambanta tilas da zaɓi, shi ya sa ake tsayar da "wajibi ne" ga ɗaya, "yana iya" ga ɗayan.

A ƙarshe akan ba wani lauya da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci. Idan ya fito da kalma biyu inda asali ke da ɗaya, ko ɗaya inda ke da biyu, an sami ɓaraka. Lambar sashe kuma ba a dogara da ita daga kundi zuwa kundi: Jihar Kaduna ta yi nata sabon Final Kod a 2017, lambobin sun sauya, don haka tsohuwar rijista sai an sake bin ta sashe-sashe kafin a yi aiki da ita.