Ƙwayar ƙarin jini ba ta shiri da hura da nono

Ƙwayar ƙarin jini da muke ba masu ciki a wurin awo tana ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 60 da folik asid. Mata da yawa a nan Maradi suna shanta kullum ba fashi, amma su dawo cikin ido fari fat, jiri bai daina ba. Sau tari abin da aka kora ta da shi ne matsalar.

Hanji ya fi tsotse ƙarfe idan ciki babu komai. Nono da madara suna da kalsiyam, shi kuwa kishiyar ƙarfe ne, in suka haɗu sai ya rage abin da ke shiga jini. Gero ma yana da wani sinadari mai riƙe ƙarfe, haka shayi da kofi. Wadda ta dama hura da nono ta kora ƙwayarta da ita, ta haɗa mata abokan gaba biyu a ƙwarya ɗaya. Farar ƙasa da wasu ke ci don kwaɗayin ciki ita ma tana ɗaure ƙarfen, gara a bar ta.

Ga yadda za ki tsara yininki. Bayan sallar asuba ki sha ƙwayar da ruwa, in da hali ki matsa lemun tsami a ciki, domin bitamin C yana taimaka wa ƙarfe shiga jiki. Ki jira awa ɗaya kafin karin kumallo, shayi da nono kuma sai bayan awa biyu. In an ba ki ƙwayar kalsiyam, ki sha ta tare da abincin rana ko na dare. Maganin ƙwannafi da ƙwayar zinki su ma a raba su da ƙarfe da awa biyu.

To, wata in ta sha da wofin ciki sai tashin zuciya. Kada ki daina. Ki ci 'yar loma ki sha, ko ki mayar da ita lokacin kwanciya, awa biyu bayan tuwo. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne, aikin ƙwayar ne. Amma in wata ya cika kina sha yadda ya kamata, tafin hannu bai yi ja ba, kina haki, ki dawo a auna jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cin jini.

Bitamin A, D, E da K sun sha bamban, sai da maiƙo suke shiga jiki. A sha su tsakiyar cin abinci mai man gujiya, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Mai ciki dai kada ta sayi bitamin A a kasuwa, yawansa yana iya cutar da ɗan da ke ciki.