In za ku nemi zama da mudiri, ku rubuta masa rana da sa'a

'Yan uwa mazauna Jidda, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu na unguwa, akwai abin da ya daɗe yana damuna a wurin aiki. A cibiyar lafiyar da nake aiki, saƙon imel yakan zo daga mutanenmu kamar haka: "Muna son ganin mudiri a kan wata muhimmiyar magana, duk lokacin da ya samu dama." Saƙo ne mai ladabi, amma sai ya yi mako biyu ba amsa, masu shi kuma su ɗauka an raina su. Wallahi ba raini ba ne. Mudiri, wato shugaban cibiyar, bai san maganar mece ce ba, bai san wa zai kira ya zauna tare da shi ba, kuma an bar masa aikin nemo lokaci. Sai ya ce bari sai anjima, anjima ta zama gobe.

Kwanakin baya wata uwar ƙungiyar mata ta same ni da wannan kukan. Suna so a turo musu ma'aikaciya ta yi wa dattawansu bayani a kan ciwon sukari da azumi. Na ce, "Hajiya, miƙo wayar mu sake rubutawa tare." A gurbin Subject muka sa: Neman zama na minti 30 kan wayar da kai game da ciwon sukari. Bayan sallama da gabatar da kai a layi biyu, sai muka shiga magana:

"Muna neman zama na minti 30 a ofishinku. Za mu iya zuwa ranar Lahadi 4 ga Janairu ƙarfe 9:30 na safe, ko Talata 6 ga Janairu ƙarfe 10:30 na safe, ko Laraba 7 ga Janairu ƙarfe 1:30 na rana. Idan babu wanda ya dace, ku zaɓa mana wani. Abubuwan da za mu tattauna uku ne: ranar da za a yi taron da wurinsa, wadda za ta yi bayani da kuma mai fassarawa zuwa Hausa, sai ko za a iya gwada sukari a wurin. Mu biyu ne za mu zo."

Muka mayar da shi Larabci muka aika. Amsar da ta dawo layi ɗaya ce, an zaɓi Talata, an kuma sa shugabar nas-nas a CC, wato an tura mata kofin saƙon, domin batu na biyu da na uku aikinta ne. Amfanin jera batutuwa ke nan. Da ba a rubuta su ba, da Hajiya ta je ta zauna, a ce mata wadda ke da alhakin abin ba ta nan, ta dawo wani makon.

Wajen zaɓen lokutan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya a nan. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, ma'aikatu suna buɗewa Lahadi zuwa Alhamis. Wanda ya zo daga gida kwanan nan yakan manta, ya nemi Juma'a da safe, ya bar Lahadi alhali ita ce farkon mako. Ku kauce wa ƙarfe 12 zuwa 1, lokacin Azahar ne. A watan Ramadan kuma ana rage sa'o'in aiki, kada ku sa sammako. Ku raba zaɓin a ranaku daban-daban, domin lokuta uku a rana ɗaya duk za su faɗi idan mudiri yana da taro a waje ranar.

Kwanan wata ma yana da nasa tarko. Nan ana aiki da hijiriyya da miladiyya duka, saboda haka "4 ga wata" kaɗai ba ta isa ba, haka ma 4/1. Ku rubuta sunan rana da sunan wata da haruffa, sannan ku duba kalanda ku tabbatar ranar da kwanan sun yi daidai. Idan kuka rubuta Litinin alhali kwanan ya faɗa Talata, dole a sake tambayarku, kwana biyu sun tafi. In kuwa zaman ta bidiyo ne da wani a Kano ko Yamai, ku rubuta "agogon Saudiyya", domin muna gaba da su da awa 2: ƙarfe 10 namu, 8 ne a can. Da Khartoum tazarar awa 1 ce.

Ku aika saƙon aƙalla mako guda kafin rana ta farko da kuka bayar. Idan kwana uku na aiki suka wuce shiru, ku danna Reply a kan saƙon farko, kada ku buɗe sabo, ku cire ranar da ta matso ku sa wata a madadinta.